Kuɗin hayan Gwantu: adadin tsakiya da sharuɗɗan da ke bayansa

Tambayar da ake yawan yi wa mai nazarin kasuwar gidaje gajeriya ce: nawa ne kuɗin haya a wannan yanki? Mai son gina ɗakunan haya a Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga a kudancin Jihar Kaduna, yana so ya ji adadi guda kafin ya sayi bulo. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kafanchan yana son adadi guda, haka ma banki idan aka kawo masa gida jingina. Ra'ayina shi ne adadin da ya dace a ba su shi ne kuɗin tsakiya na kowace gunduma, wanda ake samu a Excel ko Google Sheets ta hanyar saka `FILTER` a cikin `MEDIAN`. Amma da sharaɗi. Fomular layi ɗaya ce, yaro ma zai iya kwafa, kuma duk gaskiyar amsar tana rataye ne a kan sharuɗɗan da aka ba `FILTER` da yawan gidajen da suka tsallake tacewar. Kuɗin tsakiyar da aka fitar ba tare da an faɗi irin gidan ba, ba a kuma faɗi gida nawa aka ƙirga ba, yana iya ɓatar da mutum fiye da shirun da za a yi masa.

Mu fara da dalilin guje wa `AVERAGE`, wato a tara kuɗi duka a raba da yawan gidaje. Gwantu ƙaramar kasuwa ce. Masu kama haya galibi ma'aikatan ƙaramar hukuma ne, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da jami'an tsaro, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan kasuwar da hanyar Akwanga ta jawo. Yawancinsu ɗaki ɗaya suke kamawa ko ciki da falo, sai jefi-jefi a samu gida sukutum mai katanga da rijiyar burtsatse wanda wata hukuma ko babban ma'aikaci ya kama. A ce mai nazari ya tattara bayanan haya tara daga garin. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, na tsara su domin aikin ya fito fili, ba sakamakon bincike ba ne: naira 50,000, da 60,000 sau biyu, da 70,000, da 80,000, da 90,000, da 120,000, da 150,000, sai gida guda na 900,000 a shekara. Jimilla 1,580,000, a raba tara ya ba da kusan 175,556. To ka ga mutum takwas cikin tara suna biyan ƙasa da wannan adadi, kuma babu ko ɗaya da yake biyan abin da ya yi kusa da shi in ban da mai 150,000. In kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na biyar, 80,000 za a samu, huɗu a ƙasa huɗu a sama. Cire babban gidan, lissafin tara-ka-raba ya faɗo zuwa 85,000, ya zubar da fiye da rabinsa saboda gida ɗaya tak, shi kuwa na tsakiya ya ɗan gusa zuwa 75,000, domin idan adadin gidaje ya zama mai rabuwa biyu daidai `MEDIAN` yakan ɗauki biyun da ke tsakiya, 70,000 da 80,000, ya raba tsakaninsu.

Matsalar ita ce Excel bai tanadi hanyar kai tsaye ta fitar da wannan adadi gunduma-gunduma ba. Tun daga fitowar 2007 akwai `AVERAGEIF` da `AVERAGEIFS`, amma har yau babu takwaransu na `MEDIAN`, kuma jerin lissafin da `PivotTable` na yau da kullum yake bayarwa ya ƙunshi jimilla da ƙirge da mafi girma da mafi ƙanƙanta, babu na tsakiya. Ina ganin wannan giɓi ya taimaka wajen cika rahotannin gidaje da lissafin tara-ka-raba, don shi ne a kusa da hannu. `FILTER` ya toshe giɓin. Microsoft ta sanar da shi a 2018, yana cikin Microsoft 365 da Excel 2021 da 2024, Google Sheets kuwa ya daɗe da nasa. A ce ginshiƙin A na ɗauke da sunan gunduma, B irin gida, C kuɗin shekara, an kuma rubuta Gwantu a akwatin F2:

```
=MEDIAN(FILTER($C$2:$C$500,$A$2:$A$500=F2))
```

Daga ciki ake karanta ta. Kwamfuta tana bin ginshiƙin A layi-layi tana tambaya ko sunan ya yi daidai da abin da ke F2, ta samar da dogon jeri na `TRUE` da `FALSE`. `FILTER` ya riƙe kuɗin layukan da suka ci `TRUE`, ya watsar da sauran, ya miƙa wa `MEDIAN` abin da ya rage. Alamar dala tana kafe ginshiƙan ne, ta yadda idan aka ja fomular ƙasa zuwa F3 da F4, inda aka rubuta Fadan Karshi da Aboro, sunan gunduma kaɗai ke sauyawa. Dole tsawon ginshiƙan biyu ya zo ɗaya. Wanda ya tsayar da C a layi na 500 ya bar A a 499, `#VALUE!` zai gani.

A nan mafi yawan masu koyarwa suke tsayawa, a nan kuma haɗarin yake farawa. Mu ƙara bayanai bakwai na misali daga Fadan Karshi: 40,000, da 45,000, da 85,000, da 90,000, da 100,000, da 110,000, da 115,000. Na huɗu shi ne na tsakiya, 90,000. Jadawali zai nuna Fadan Karshi 90,000, Gwantu 80,000, mai karatu ya tashi da cewa haya ta fi tsada a Fadan Karshi. Fomula ba ta yi kuskure ba, amma maganar ƙarya ce. Cikin taran Gwantu, biyar na farko ɗaki ɗaya ne, uku ciki da falo, ɗaya babban gida. Cikin bakwan Fadan Karshi, biyu ne kawai ɗaki ɗaya, biyar ciki da falo. Idan aka ware, ɗaki ɗaya a Gwantu 60,000 ne, a Fadan Karshi 42,500. Ciki da falo a Gwantu 120,000, a Fadan Karshi 100,000. Kowane iri ya fi tsada a Gwantu. Abin da ya juya hoton shi ne irin gidajen da mai tattara bayani ya ci karo da su a kowane gari, ƙila don dillalin da ya yi masa jagora a Fadan Karshi ciki da falo ya fi bayarwa. Wanda ya kwatanta farashin mudun masara a wata kasuwa da na tiya a wata kasuwa bai gano inda masara ta fi tsada ba. Maganin shi ne sharaɗi na biyu, a rubuta irin gidan a saman jadawali, G1 ɗaki ɗaya, H1 ciki da falo:

```
=MEDIAN(FILTER($C$2:$C$500,($A$2:$A$500=$F2)*($B$2:$B$500=G$1)))
```

Alamar tauraro ninkawa ce. Excel yana ɗaukar `TRUE` a matsayin 1, `FALSE` a matsayin sifiri, don haka layi ba ya tsallakewa sai sharuɗɗan biyu sun cika. Mutane kan so su yi amfani da `AND` a wannan wuri, sai dai shi yana dunƙule jerin gaba ɗaya ya mayar da amsa guda, alhali `FILTER` amsa yake nema ga kowane layi. In ana son a haɗa gundumomi biyu a matsayin yanki ɗaya, alamar tarawa ake sawa tsakanin sharuɗɗansu, a rufe su cikin baka guda.

Shekara ma sharaɗi ce, kuma a Najeriyar yanzu ba ƙarami ba. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, kuɗin siminti da kwano da sufuri suka tashi, masu gidaje suka bi baya da ƙarin haya a duk lokacin da wa'adi ya cika. Rasiɗin 2021 da na 2025 ba kasuwa ɗaya suke ba da labari ba. Jadawalin da ya cakuɗa su zai nuna gundumar da aka fi samun tsofaffin rasiɗai a matsayin mai arha. Ginshiƙin D na shekarar yarjejeniya da ƙarin `*($D$2:$D$500=2025)` sun wadatar. Haka nan a daidaita ma'auni tun kafin a fara: wanda yake biyan 5,000 a wata a mayar da nasa 60,000 a shekara, a ware la'adar dillali da kuɗin ajiyar da ake karɓa saboda ɓarna, a kuma bambanta kuɗin da mai gida ya yi wa ɗakinsa da wanda aka daidaita a kai bayan ciniki. Kalmar gunduma kanta tana buƙatar a tsayar da ita. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, ga kuma mazaɓun kansiloli da ba lallai iyakarsu ta bi ta hakimai ba, ga sunayen unguwanni da dillalai ke amfani da su. Mai nazari ya zaɓi ɗaya ya rubuta zaɓinsa a saman shafi, in ba haka ba gida ɗaya zai faɗa gunduma biyu a hannun mutum biyu.

Kurakuran da suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda ba sa ihu. `#VALUE!` da `#CALC!` suna fitowa ɓaro-ɓaro, a gani a gyara. Sifiri kuwa shiru yake shiga. A garuruwanmu ba abin mamaki ba ne mai gida ya bar wa ƙaninsa ko ɗan 'yar'uwarsa ɗaki kyauta, mai shigar da bayani ya rubuta 0. `MEDIAN` yana ƙirga sifiri kamar kowane adadi. Ƙara irin waɗannan biyu cikin taran Gwantu, gidaje suka zama sha ɗaya, na shida ya zama na tsakiya, adadi ya sauka daga 80,000 zuwa 70,000 ba tare da wani mai gida ya rage ko kwabo ba. Ɗaya kuskuren daga rubutu yake zuwa. Wani ya buga `120k` da `150k`, ko ya sa harafin N a gaban adadi, kwamfuta ta ɗauke su kalmomi. `MEDIAN` yakan tsallake kalmomi bai ce uffan ba, gidaje tara suka koma bakwai, amsa ta sake zama 70,000. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne sharaɗin `>0` ba ya kama su, domin a ƙa'idar kwatancen Excel kowace kalma ta fi kowane adadi girma. Alamar farko da ido zai gani ita ce adadi na gaskiya yana jingina dama a cikin akwati, wanda aka ɗauka kalma yana jingina hagu, muddin ba a sauya tsarin jerin da hannu ba.

Sunaye ma haka. Wani ya rubuta Fadan Karshi, wani Fadan Karshe, wani ya bar tazara a bayan Gwantu wadda ido ba ya gani. Manyan haruffa da ƙanana ba sa damun alamar daidai, amma tazara da bambancin harafi guda suna jefar da layi waje. Hanyar ganowa mai sauƙi ce: `=SORT(UNIQUE(A2:A500))` zai jero duk sunayen da ke cikin ginshiƙin, in Gwantu ta fito sau biyu to akwai ɓoyayyar tazara, `TRIM` ya share ta. Daga nan a kafa jerin zaɓi da `Data Validation` don kada a sake buga suna da hannu. Sannan a yi hisabi kafin a miƙa rahoto. `COUNTIF` ya faɗi layuka nawa ke ɗauke da sunan gundumar, `COUNT` a kan sakamakon `FILTER` ya faɗi nawa ne suka shiga lissafi. Tara a nan, bakwai a can, to biyu sun salwanta, a koma a nemo su.

Akwai masu suka, kuma sukar farko tana da ƙarfi. Za su ce: gida tara, gida bakwai, ka sake rarraba su iri-iri, shekara-shekara, me ya rage? A Legas ko Abuja ana iya samun ɗaruruwan tallace-tallacen haya a unguwa ɗaya, a Sanga kuwa haya da baki ake ƙulla yawancinta, rasiɗi in an samu na hannu ne. Na yarda, kuma misalin da na bayar da kansa ya faɗa wannan rami: ɗaki ɗaya a Fadan Karshi gida biyu ne kacal, 42,500 ɗin nan babu wanda yake biyansa. Sai dai ƙarancin bayani bai ba da hujjar komawa ga tara-ka-raba ba, don shi ya fi rauni idan gidaje kaɗan ne, kamar yadda gidan 900,000 ya nuna. Bai kuma ba da hujjar cakuɗa ɗaki da gida don adadi ya yi kauri ba. Abin da ya wajaba shi ne fomular ta ƙi magana idan shaidunta ba su kai ba:

```
=LET(k,FILTER($C$2:$C$500,($A$2:$A$500=$F2)*($B$2:$B$500=G$1)*ISNUMBER($C$2:$C$500)*($C$2:$C$500>0)),IF(COUNT(k)<5,"kadan",MEDIAN(k)))
```

`LET` ya raɗa wa sakamakon tacewar suna `k`, don kada a rubuta ta sau biyu. In gidajen ba su kai biyar ba, akwatin ya ce kaɗan. In babu ko ɗaya ma haka zai ce, maimakon `#CALC!` da Excel ke fitarwa idan tacewa ta dawo hannu wofi, domin `COUNT` ba ya ƙirga kuskure. Biyar ɗin ba doka ba ce, zaɓi ne, wani zai fi natsuwa da goma. A misalinmu akwati biyu ne za su tsira, ɗaki ɗaya a Gwantu da ciki da falo a Fadan Karshi, kuma waɗannan biyun ba a kwatanta su da juna. Wato amsar gaskiya ga mai tambayar ina ya fi tsada ita ce bayanan ba su isa ba tukuna, a koma wurin dillalai da masu unguwanni a ƙaro. Wannan ya fi lulluɓe komai da `IFERROR`, wanda ke haɗiye kuskuren rashin bayani da kuskuren fomula baki ɗaya, mai shi bai san wanne ya same shi ba. Akwai alamar takardun haya za su ƙaru nan gaba, tunda dokar haraji ta 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba mai biyan haraji rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, kuma ma'aikacin da ke son cin gajiyarsa zai nemi rasiɗi.

Suka ta biyu daga masu lissafin kuɗin shiga take. Mai gida goma da ke son sanin abin da zai shigo masa a shekara, ko jami'in haraji da ke ƙiyasta jimillar hayar gari, ba na tsakiya yake buƙata ba. Tara sau 80,000 ya ba da 720,000, alhali ainihin jimillar 1,580,000 ce. Gaskiya ne, babu jayayya. Inda ake neman jimilla, babban gidan nan yana da haƙƙin a ji nauyinsa. Inda ake neman abin da malamin firamare zai tarar in ya shiga gari neman ɗaki, ba shi da wannan haƙƙi. Na fi son a ajiye adadin biyu kafaɗa da kafaɗa, don tazarar da ke tsakaninsu labari ce: 175,556 a gefen 80,000 na nuna akwai wani abu babba a cikin jerin da ya kamata a buɗe a duba. Sai kuma a kiyaye wani tarko da ke kusa. Kuɗin tsakiya na Sanga gaba ɗaya ba a samunsa ta hanyar ɗaukar na tsakiyar gundumomi a sake lissafa su. Na Gwantu da na Fadan Karshi in aka raba tsakaninsu 85,000 ne, amma gidajen sha shida in aka jera su tare, na takwas 85,000 ne na tara 90,000, amsa 87,500. Dole a koma ga ainihin layukan.

Suka ta uku ta kayan aiki ce. Kwamfutoci da yawa a ofisoshi da shagunan buga takardu har yanzu tsohon Excel suke ɗauke da shi, kuma na 2019 zuwa baya bai san `FILTER` ba. Wanda ya buɗe fayil ɗin a can zai ga `_xlfn` manne a gaban sunan fomular, da zarar an sake lissafi kuma `#NAME?` ya maye gurbin adadi. Tsohuwar hanya tana nan, `=MEDIAN(IF($A$2:$A$500=F2,$C$2:$C$500))`, wadda ake shigarwa da `Ctrl+Shift+Enter`. Tana aiki, amma tana da nata aibi: akwatin kuɗin da aka bari babu komai yakan fito daga `IF` a matsayin sifiri, ya ja adadin ƙasa, don haka sai an ƙara masa sharaɗin kore wofi. Google Sheets kyauta ne kuma yana buɗewa a waya, fomular ninkawa tana tafiya a cikinsa, sai dai shi `#N/A` yake nunawa idan bai samu komai ba, kuma yana karɓar sharuɗɗa a jere da waƙafi. Masu sabon Microsoft 365 suna da `GROUPBY`, wanda ke fitar da jadawalin duka da fomula ɗaya. Yana da sauri, amma ga ƙaramar kasuwa irin ta Sanga na fi amincewa da hanyar da ke tilasta wa mai nazari ya rubuta kowane sharaɗi da hannunsa, ya kuma iya cire `MEDIAN` na ɗan lokaci ya ga gidajen da `FILTER` ya zubo ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin nan bai tsaya a Sanga ba. A Kafanchan, Takau da Garaje da Aduwan za su zauna a ginshiƙin F maimakon gundumomi, a Gidan Waya kuwa, inda ɗaliban Kwalejin Ilimi ke kama ɗakuna, sai an ƙara ginshiƙin da zai raba hayar zangon karatu da ta cikakkiyar shekara. Fomular ba ta sauyawa, sharuɗɗan ne ke bin kasuwar wurin.

Ga mai karɓar rahoto, banki ne ko mai shirin gini ko ma'aikacin da zai tare a Gwantu: duk wanda ya miƙo maka kuɗin tsakiya na wata gunduma, ka tambaye shi wane irin gida, wace shekara, gida nawa ya ƙirga. In ba shi da amsar ukun a rubuce a gefen adadin, mayar masa da takardarsa ya cike.